Wasiƙa zuwa ga manajan banki kan sake tsarin biyan bashin injin shinkafa

Kura, Jihar Kano
Litinin, 15 ga Satumba, 2025

Zuwa ga Manajan Reshe,
ta hannun jami'in da ke kula da asusuna.

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto ne a kan zaman da muka yi ranar Alhamis a ofishinka. Na gode da ka saurare ni har na kai aya. Ka ce in je in yi tunani a kan tayin banki, in dawo da amsa a rubuce domin ka sami abin da za ka kai wa kwamitin bashi. Na zauna da ƙanena mai riƙe mana littafi, mun yi lissafi har dare biyu, ga abin da ya fito.

Bari mu fara daidaita alƙaluma. A watan Afrilun 2024 banki ya ba ni naira miliyan 18 na sayi injin cashe shinkafa da na fitar da tsakuwa, a kan zan biya cikin wata 24: uwar kuɗi naira 750,000 duk ranar 25 ga wata, da kuɗin ruwa a kan abin da ya rage. Daga Mayun 2024 zuwa Yunin bana na biya sau 14, ko kwana ɗaya ban taɓa ƙetarewa ba. Miliyan 10 da rabi ke nan na uwar kuɗi suka koma hannunku, saura miliyan 7 da rabi. Na Yuli da na Agusta ne suka gagare ni. Takardar da kuka ba ni ta nuna ana bin na uwar kuɗi naira 1,500,000, kuɗin ruwa 375,000, tarar jinkiri 28,125. Na duba, ban ga kuskure ba, kuma ba na musun ko kwabo.

Abin da ya karya ni ba ɓoyayye ba ne, duk wanda ke harkar shinkafa a Kura ya san shi. Da kakar bara na sayi shanshera buhu 200 a kan naira 58,000 kowane buhu, na ajiye, da nufin in riƙa cashewa a hankali idan kaya sun yi ƙaranci, kamar yadda muka saba kowace shekara. Sai kasuwa ta juya mana baya. Tun a Yulin 2024 gwamnatin tarayya ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, kuma tun farkon bana farashi yake gangarowa. Mai saye ya ji daɗi, ban ga laifinsa ba, amma ni da na ajiye kaya na kwana a ciki. Da na cashe na sayar, abin da kowane buhu ya dawo mini da shi bai wuce 42,000 ba. Asarar miliyan 3 da dubu 200 ke nan a tashi ɗaya. Laifina a nan shi ne na yi ta jiran kasuwa ta farfaɗo har wata uku, alhali da na saki kayan tun Fabrairu da asarar ba ta kai haka ba.

Ana cikin haka taransifomar layinmu ta ƙone a watan Yuni, muka yi mako biyar a kan janareta, dizal ya cinye ɗan abin da aikin cashe yake kawowa. Akwai kuma wani dillali da ya ɗauki kayana na naira 1,400,000, har yau rabi kawai ya kawo. Shi kansa kuɗin ruwan bai tsaya inda muka fara ba. Lokacin da na sa hannu kashi 27 ne cikin ɗari, Babban Bankin Najeriya kuma yana kan 24.75. Da ya yi ta ɗagawa har ya kai 27.5 a Nuwamban 2024, nawa ya koma kashi 30. Na san yarjejeniya ta ba ku wannan dama, ba ƙorafi nake yi ba, ina dai nuna maka ta inda nauyin ya ƙaru.

Yanzu ga tayin banki kamar yadda na fahimce shi. In biya naira 1,875,000 da tarar kafin 25 ga wannan wata, sannan a raba miliyan 6 da suka rage gida 12, wato 500,000 duk wata ban da kuɗin ruwa, in kuma ƙara takardar gida a kan jinginar injina.

Ranka ya daɗe, da zan iya da ban tsaya dogon rubutu ba. Abin da ke hannuna gaba ɗaya, har da kuɗin motata da na sayar makon jiya, bai cika miliyan biyu da rabi ba. Idan na kwashe kusan duka na kawo muku, kaka za ta shigo a ƙarshen Oktoba ta same ni ba kuɗin sayen shanshera, ba na dizal, ba na ma'aikata bakwai da ke wurin. Injin da ba a zuba masa shinkafa ba kuwa ƙarfe ne kawai a ƙarƙashin rumfa. Zan cika alkawarin Satumba, in sake faɗuwa a Nuwamba, mu dawo wannan teburin da bashin da ya fi na yau muni. Matsala ta biyu ita ce biyan bai ɗaya duk wata. Sana'armu ba albashi ba ce. Daga Disamba zuwa Maris inji ba ya hutawa. Shinkafar rani ta Kadawa tana riƙe mu daga Afrilu zuwa Yuni. Daga Yuli zuwa Oktoba manomi yana gona, rumbu ya yi ƙasa, wani makon kwana biyu kawai muke tayar da inji. Ka duba shige da ficen asusuna na shekara biyu, za ka ga wannan hawa da sauka ƙarara. Tsarin farko ma bai dace da sana'ar ba, ribar ajiyar kaya ce take toshe ramin damina, bana kuwa babu ita.

Maganar gida kuma, ba ƙi na yi don taurin kai ba. Gidan gado ne, mu tara ne a kansa, mahaifiyarmu tana ciki, ba a kuma raba ba. Ba ni da ikon jinginar da abin da ba nawa ni kaɗai ba, kuma ko na kawo takardar, lauyanku ba zai karɓa ba sai kowa ya sa hannu.

Ga abin da zan iya, wanda na tabbata ba zan saɓa ba in Allah ya yarda.

Ranar da kuka amince zan zuba naira 1,275,000. A cire 375,000 na kuɗin ruwan da ya taru, sauran 900,000 a rage uwar kuɗi, ta dawo miliyan 6 da dubu 600. A watannin Satumba, Oktoba da Nuwamba a ɗaga mini uwar kuɗi, in biya kuɗin ruwa kaɗai, naira 165,000 duk wata. Daga nan uwar kuɗi ta bi kakar shinkafa kamar haka, kowane wata da kuɗin ruwan abin da ya rage a kai:

Disamba 2025 zuwa Maris 2026, naira 600,000 duk wata.
Afrilu zuwa Yuni 2026, naira 400,000 duk wata.
Yuli zuwa Oktoba 2026, naira 150,000 duk wata.
Nuwamba 2026 zuwa Fabrairu 2027, naira 600,000 duk wata.

Idan ka tara za ka sami miliyan 6 da dubu 600 cif. Bashin da ya kamata ya ƙare a Afrilun 2026 zai ƙare a Fabrairun 2027, ƙarin wata goma. Ban nemi a yafe mini ko naira ɗaya daga uwar kuɗi ba, kuɗin ruwan da banki zai samu ma ƙaruwa zai yi, ni ne zan ɗauki wannan nauyin.

A maimakon gida, ga abin da zan ƙara muku. Duk cinikin inji zai riƙa shiga asusuna na wannan banki, har na'urar POS da ke wurin zan mayar da ita taku, domin ku riƙa ganin kuɗi kafin ni. Injin ɗinke buhu da babban janareta, waɗanda na saya da kuɗina, na yarda a rubuta su cikin jingina a rajistar kayan jingina ta ƙasa. Surukina, mai rumfar hatsi a kasuwar Dawanau, wanda shi ma asusunsa yana wurinku, ya amince zai tsaya mini, zai zo da kansa ya sa hannu. Naira 700,000 da nake bin dillalin nan kuma, duk ranar da suka fito kai tsaye za su tafi rage uwar kuɗi, ba tare da an taɓa jadawalin ba.

Ina da roƙo huɗu. Na farko, a yafe tarar 28,125, a kuma dakatar da ita daga ranar da wannan wasiƙa ta iso, tunda muna kan tattaunawa. Na biyu, kuɗin sake tsari kada ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da ya rage, kamar yadda jadawalin caje-caje na Babban Banki ya iyakance, wato naira 33,000. Na uku, a rubuta cewa idan Babban Banki ya sauke nasa, nawa ma zai sauka, yadda ya bi shi wajen hawa. Idan kuma Allah ya hore na biya kafin lokaci, kada a ci ni tara. Na huɗu shi ya fi damuna. Na san na sa hannu a takardar GSI, wadda ta ba ku damar bin lambar BVN ɗina ku ciri kuɗi daga asusuna na wasu bankuna. Ina roƙon kada a yi amfani da ita muddin ina kan sabon jadawali. Asusun da nake da shi a wani banki kuɗin mata masu turara shinkafa ne ke shiga cikinsa, amana ce, ba nawa ba ne.

Dalilin gaggawata, jami'inku ya gaya mini bashin da ya kwana 90 ba a biya ba yana shiga sahun wanda ya lalace. A lissafina, daga 25 ga Yuli, ranar za ta faɗo 23 ga Oktoba. Idan ya kai nan, ku za ku ware kuɗi ku ajiye saboda shi, ni kuma sunana ya ɓaci a hukumomin da ke ajiye tarihin masu cin bashi, daidai lokacin da nake bukatar a yarda da ni a ba ni kaya. Don haka ina fatan samun amsa kafin 25 ga Satumba, kada wata na uku ya hau kan biyun.

Na haɗo da bayanan asusuna na wata 24, kwafin littafin ciniki daga Janairu, rasiɗin sayar da mota, da takardar da dillalin ya sa hannu a kan bashin da nake bin sa. Idan kwamiti yana ganin kuɗin farko ya yi kaɗan, zan iya kai shi 1,400,000, amma fiye da haka zai taɓa kuɗin sayen shanshera. Ina kuma gayyatar jami'inku ya zo wurin injin duk ranar da ya ga dama, ba sai ya sanar ba, ya ƙirga buhunan da ke sito da idonsa.

Allah ya ƙara girma, ya sa mu gama lafiya.

Naka,
Alhaji Habu Mai Inji, Kura