Amsa kan sashen ƙarin kuɗin haya

Zuwa ga Mai Gida,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya tare da iyali.

Alhaji, na karanta sabuwar yarjejeniyar haya da ka aiko. Komai ya yi mini daidai sai sashe na 7, inda aka ce za ka iya ƙara kuɗin haya duk lokacin da ka ga ya dace. Wannan kam ya tsaya mini a rai. Babu adadi, babu wa'adi. Mai albashi irina, da kuɗin makarantar yara a wuyansa, ta yaya zai yi tanadin abin da bai san yawansa ba?

Ban ƙi ƙari ba. Na san kayan gyara sun yi tsada, kai ma da hidimarka. Roƙona a rubuta cewa ƙarin ba zai wuce kashi 10 cikin 100 ba, ba za a yi shi ba sai ranar sabunta haya, kuma a sanar da ni a rubuce wata 3 kafin nan.

Sannan rufin ɗakin yara har yanzu yana yoyo. Ruwa na sauka daidai kan katifarsu, sai mun tara bokiti, silin ma ya yi baƙi ya kumbura. Ina so a gyara shi kafin ƙarin ya fara aiki.

Ka shaida ban taɓa jinkirta biya ba, kuma ina son ci gaba da zama. Ban sa hannu ba tukuna. In ka samu sarari ranar Asabar bayan la'asar, zan zo mu zauna.

Allah ya ƙara girma.

Naka,
Ɗan hayarka na sashen baya