Tayin Aikin Ƙara Odar Kaya a Shafin Shagon Atamfa

Kano, Litinin 5 ga Janairu, 2026

Assalamu alaikum Hajiya,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga bayanin da na yi alkawari ranar da na zo shago a Kantin Kwari. A ɗan zaman da na yi, sau uku yaronki yana ajiye mai saye a tsaye don ya tura hoton leshi ta WhatsApp, sannan ya koma neman shaidar biyan kuɗi a cikin tarin saƙonni. Wannan wahalar nake so shafin ya ɗauke muku.

Abin da zan yi

Shafinki a kan WordPress yake, don haka ba sai an rushe an sake gini ba. Zan ɗora masa WooCommerce, manhajar karɓar oda a shafi, wadda kyauta ce. Zan ɗauki hoton kaya 120 in saka, kowanne da farashinsa da adadin da ya rage: atamfa da turmi, shadda da yadi, leshi yadda kike yankawa. Da hasken rana zan ɗauka a bakin shago, saboda fitilar ciki tana mayar da ruwan toka kamar shuɗi, kuma daga nan rigimar "ba wannan na zaɓa ba" take farawa.

Za a riƙa biya ta Paystack, kamfanin karɓar kuɗi ta intanet, da kati ko da tura kuɗi daga banki. Mai saye zai zaɓi ɗaya cikin uku: ya zo shago ya karɓa, ɗan aike ya kai masa a cikin Kano, ko a sa masa a mota daga tasha zuwa wani gari. Ke za ki yanke kuɗin kowanne. Duk odar da ta shigo, za ku ga sanarwa a waya.

Akwai abu ɗaya da ba ni zan iya yi ba, kuma shi ne ƙashin bayan aikin. Idan aka sayar da turmin ƙarshe na wani zane a shago, dole a rage shi a shafi nan take. In ba haka ba, wata a Zariya za ta biya kuɗin abin da babu, a koma ba ta haƙuri da mayar da kuɗi. Shawarata ki ware yaro ɗaya ki ɗora masa wannan, ko kuma ki keɓe kanta guda ta kayan oda da ba a taɓawa. Ni na fi son na biyun, ya fi sauƙi ranar da kasuwa ta cika.

Kai kaya, talla da amsa saƙon masu saye ba sa cikin wannan tayi.

Lokaci

Mako 4 ne. Idan muka fara ranar Litinin 12 ga Janairu, makon farko na haɗa tsari ne da buɗe asusun Paystack na kasuwanci mai rajista, wanda zai buƙaci takardar rajistar CAC da asusun bankin shago. Mako na biyu da na uku na hotuna ne da saka kaya. Nan ne jinkiri yake shigowa idan farashi bai iso ni da wuri ba. A na huɗu za mu gwada da oda ta gaske, in koya wa yara biyu. In sha Allah mu buɗe ranar Juma'a 6 ga Fabrairu, kafin azumi, yadda hannunsu zai faɗa tun cinikin kayan Sallah bai kankama ba.

Farashi

Haɗa tsarin oda: ₦220,000
Biyan kuɗi da tsarin kai kaya: ₦90,000
Hoto da saka kaya 120: ₦120,000
Koyarwa da kula na wata 1 bayan buɗewa: ₦50,000
Jimla: ₦480,000

Duk kayan da ya haura 120, ₦1,000 ne kowanne. Za a ba da ₦240,000 kafin a fara, ₦140,000 idan an gama saka kaya, sai cikon ₦100,000 ranar buɗewa.

Paystack suna da nasu kason daban, ba hannuna yake zuwa ba: kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin ₦100 a duk cinikin da ya kai ₦2,500, amma jimlar ba ta wuce ₦2,000. Wato a turmin ₦30,000 za su cire ₦550. Ki duba ko za ki shigar da shi cikin farashi. Kuɗin ciniki yakan faɗa asusunki a ranar aiki ta gaba.

Farashin aikin nan yana nan har 19 ga Janairu, sai dai duk ranar da aka ƙara kafin farawa, ita ma ranar buɗewa za ta matsa. Idan kin amince, ki sa hannu a kwafin da na bari wajen yaronki, zan biyo ranar Alhamis bayan la'asar in karɓa tare da jerin farashin.

Allah ya ƙara buɗi, ya kawo kasuwa mai albarka.

Ɗanki,
mai kula da shafin shago