Ta'aziyyar Rasuwar Hajiya

Assalamu alaikum, Kabiru.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ya haƙuri? Allah Ya jiƙan Hajiya, Ya gafarta mata, Ya sa Aljanna ce makomarta.

Na kira ka jiya, da na ji muryarka sai bakina ya mutu. Shi ya sa na ce bari in rubuto.

Yaya Sani ya faɗa mani kana ta cewa ba ka samu ganin gawarta ba, ba ka ɗauki makararta ba. Kabiru, da asuba ta cika, ƙarfe 10 aka yi mata salla a ƙofar gidanku da ke Rafindaɗi. Kai kuwa kana Kuala Lumpur, lokacin ma yamma ta yi a wurinku. Wane jirgi zai kawo ka Katsina kafin nan? Ita kanta ba za ta so a ajiye ta ana jiran kowa ba, ka fi ni sanin halinta.

Ina wurin tun daga farko har aka gama. Sahu ya cika layin har ya karya kwana. Mun karɓi makara ni da Bashir, muka raka ta Ɗan Marna, su Yaya Sani suka sa ta a makwancinta. Da na zuba ƙasa, na zuba har da taka. Matan unguwa kuwa sai labarin kunun azumin da take rabawa suke yi, abin da mu muka fi kowa sha.

Kada ka bari shaiɗan ya raya maka cewa ka gaza mata. Ita ta tura ka karatun nan. Duk sanda na shiga gaishe ta sai ta ce, "Ɗan gidan nan, abokinka ya kusa gamawa ko?" tana murmushi. Ka tuna Sa'adu bn Ubada: mahaifiyarsa ta rasu ba ya gari, ya tambayi Annabi (SAW) ko sadakarsa za ta amfane ta, aka ce masa e, ya ba da gonarsa sadaka dominta. Addu'arka daga can tana isa gare ta kamar kana tsaye a kan kabarin.

Baba yana nan da ƙarfin hali, ana ta zaman makoki. Ka riƙa kiran sa da su Zainab, jin muryarka na rage masu zafi. Kuma don Allah ka ci abinci, kada ka kulle kanka a ɗaki. Ka nemi 'yan uwa ɗalibai ku zauna tare.

Idan Allah Ya dawo da kai, ni zan kai ka Ɗan Marna. Na shaida wurin.

Inna na yi maka gaisuwa. Allah Ya ba ku haƙurin rashi, Ya sa namu ya yi kyau in ya zo.

Naka,
Mustafa