Yaya, Ga Lissafin Ayyukan Nan Biyu

Assalamu alaikum Yaya Sani. Ya Kano, ya iyali? Ka ce in rubuto maka komai a zaune kafin in ba kowa amsa, to ga shi. Wurare biyun da suka ba ni aiki, zuwa Litinin dukansu suke jirana.

Na Abuja kamfanin gine-gine ne a Wuse, albashi ₦450,000 a wata. Na nan Jos ofishin binciken kuɗi ne a hanyar Bukuru, ₦200,000. Ranar da na karanta wa Inna takardun biyu, cewa ta yi, "To, ina abin shawara a nan?" Ni ma haka na ɗauka, har sai da na zauna da biro da takarda.

Na Abuja, bayan haraji kusan ₦390,000 za ta shigo hannuna. Wuse ba wurin kwanan irina ba ne, sai Mararaba. Abokina da muka yi bautar ƙasa tare ya nuna mini ɗaki ɗaya a layinsu, ₦700,000 a shekara, ban da kuɗin dillali. In an raba duka, ₦70,000 ke nan a wata. Kuɗin mota zuwa da dawowa ₦3,500 kullum, wajen ₦77,000 a wata, don ka san yadda ya koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Ci da sha, wuta, ruwa, na sa ₦90,000. Saura ₦153,000. Na kwana biyu a wajen abokin nan nawa, Yaya. Ƙarfe biyar da rabi muke fita bayan asuba saboda cunkoson Nyanya, mu dawo bayan isha'i, ko takalmi ba ya iya cirewa sai barci ya ɗauke shi.

Na Jos, bayan haraji da kashi 8 na fansho, ₦170,000 ce. Ina gida Unguwar Rogo, babu haya. Kuɗin keke ₦22,000, cefanen gida in sa ₦40,000, saura ₦108,000. Ka ga tazarar ₦250,000 ta dawo ₦45,000.

Ban raina ₦45,000 ba. Ita ce maganin hawan jinin Inna har da ragi, ga auren Hauwa bayan babbar salla, kuma na san kai kaɗai ka daɗe kana ɗauke da gidan nan. Wannan ne ya hana ni barci.

Amma akwai abin da na gani da idona. A Wuse na tambayi wadda zan yi aiki a ƙarƙashinta me zan riƙa yi. Shigar da rasit da takardun biyan kuɗi cikin kwamfuta, daga safe zuwa yamma. Na ce wanda ya bar kujerar fa, ina ya koma? Ta ce shekara huɗu ya yi a kanta, ya tafi. Kuma takardar ma ba kamfanin ne ya sa hannu ba, wasu masu samo ma'aikata ne, kwantiragin shekara ɗaya, babu maganar fansho a ciki, babu inshorar lafiya. In aikin ginin ya ƙare, Allah kaɗai ya san makomata.

A Jos kuwa mai ofishin da kansa ya zauna da ni. Bayan wata shida na gwaji za a tabbatar da ni, su sa nasu kashi 10 a fansho kamar yadda dokar 2014 ta tanada. Za su biya kuɗin jarrabawar ICAN ta zama ƙwararren akanta, su ba ni hutun karatu mako biyu kafin kowane zama. Zan riƙa bin manya zuwa duba littattafan kamfanoni, yau masana'anta, gobe makaranta, jibi asibiti. Ban tsaya a kan maganarsa ba, na tare wani ma'aikacinsu a masallaci bayan azahar. Ya ce da ƙaramin albashi ya fara, ya gama jarrabawar cikin shekara uku, yanzu shi ke jagorantar bincike, mutum uku na ƙarƙashinsa. Ya kuma gaya mini gaskiya: daga Janairu zuwa Yuni aiki kamar ya kashe mutum, har Asabar ana zuwa, kuma akwai waɗanda suka faɗi jarrabawa suka gaji suka bari. In na bar aikin kafin shekara biyu da gamawa, sai na mayar da kuɗin da suka biya. Na yarda da wannan sharaɗin.

Zuciyata ta karkata ga Jos. Na yi istihara, ban ji ta canja ba. Abu ɗaya zan nema kafin in sa hannu: maganar jarrabawar da ƙarin albashi bayan kowane mataki su shiga cikin takarda, don yanzu da baki kawai aka faɗa.

Roƙona gare ka, ka daure ka ci gaba da riƙe rabin maganin Inna har shekara ɗaya, ni in ɗauki rabi da cefane. In ka ga ba zai yiwu ba, ka faɗa mini kai tsaye, in tafi Abujan. Zan kira ka Asabar bayan magariba, in sha Allah. Ka gaida Anti da yara.

Ƙaninka,
Bashir