Takardar Neman Amincewa da Aikin Kammala Karatu: Na'urar Busar da Tumatir da Zafin Rana Mai Sauƙin Kuɗi

Sashen Injiniyan Noma,
Jami'ar Bayero, Kano.
10 ga Nuwamba, 2025.

Zuwa ga Malam, mai duba aikina na kammala karatu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan Malam yana lafiya tare da iyali. Na rubuto ne ina neman Malam ya amince mini da batun da nake son ɗauka a aikina na shekarar ƙarshe, wato ƙerawa da gwada na'urar busar da tumatir da zafin rana, wadda kafintan ƙauye zai iya haɗawa da kayan da ake samu a kasuwar Kura, ba tare da wutar lantarki, batir ko fanka ba.

A zaman da muka yi a ofis, Malam ya ce wannan batu ɗalibai sun sha yin sa, kuma yawancin abin da suka ƙera yana nan jibge a bayan wurin ƙere-ƙere, rana da ruwa suna ci. Gaskiya Malam ya faɗa, na je na duba su da idona. Abin da na lura shi ne kusan dukkansu da gilashi da ƙarfe aka yi su, sai mai walda ya taɓa, wasu har da fanka da faifan sola. Na'urori ne masu kyau, amma manomin da ke da rabin eka ba zai taɓa sayen irinsu ba, kuma idan gilashin ya fashe magana ta ƙare. Tambayar da nake son amsawa daban ce: iya ina za a rage kuɗin na'urar kafin ta daina yin aikin da ya fi shanya a ƙasa? Wannan ne sabon abin da nake ganin aikin zai kawo.

Ni ɗan yankin Garun Malam ne, a cikin noman rani na tashi. Daga Janairu zuwa Maris, idan tumatir ya nuna a filayen Kadawa, Kura da Bunkure, waɗanda ke shan ruwan Madatsar Tiga, gaba ɗaya yake nuna. Kwanduna su cika Kwanar Gafan, motocin Legas su ɗebi abin da za su iya, ragowar kuma farashi ya faɗi har manomi ya rasa ko kuɗin tsinka da dako. Tumatir ba ya jira. Don haka sai a koma yin kauɗa: mata da yara su zauna da wuƙaƙe suna tsaga shi biyu, a baza a kan busasshiyar ƙasa, ko tsofaffin buhuna, wani lokaci a gefen titi. Can zai kwana ya wuni kusan mako guda. Iskar hunturu ta watsa masa yashi, ƙudaje su sauka, kaji da awaki su bi ta kai, raɓar asuba ta mayar da aikin baya. Duk matar da ta taɓa jiƙa kauɗa ta san yashin da ke kwantawa a gindin kwano, da yadda launin ya koma baƙi-baƙi maimakon ja. Shi ya sa kauɗa ba ta da daraja a idon masu saye na birni, alhali a watannin damina, lokacin da ɗanyen tumatir ke gagarar talaka, ita ce ke riƙe tukunyar gidaje da yawa. Ranar da muke da ita ta isa. Tsabta da sauri ne suka yi ƙaranci.

Na'urar da nake son ƙerawa irin wadda rana ba ta dukan kayan kai tsaye ce, domin hasken rana kai tsaye yana kashe launi. Sassa uku gare ta. Na farko matattarar zafi: akwati mai faɗin mita 1 da tsawon mita 2, an shimfiɗa kwanon rufi da aka shafe da baƙin fenti a ciki, an rufe samansa da farar leda mai kauri irin wadda ake yin rumfar rainon shuka da ita. A ƙarƙashin kwanon zan cusa ɓuntun shinkafa don ya hana zafi zurarewa, kuma ɓuntu a Kura tsibi-tsibi yake a bakin injinan casa. Matattarar za ta fuskanci kudu, a karkace da kimanin digiri 15. Kano tana kan kusan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, kuma a watannin sanyi rana ta fi karkata kudu, ƙarin karkatar matattarar kuma zai taimaka wa iska mai zafi ta hau. Na biyu akwatin shanya na katako mai tire huɗu. Na uku bututu mai tsawon mita 1 a sama, shi ma baƙi, wanda zai riƙa zuƙo iskar da ta ɗauki danshi yana fitar da ita. Iska ta shiga ta ƙasa da sanyinta, ta yi zafi a kan kwano, ta ratsa tirori, ta fita ta sama. Duk ƙofofin iska za a sa musu raga saboda ƙuda.

Tirorin da ragar roba zan yi su. Ruwan tumatir yana da tsami, yana cin ragar ƙarfe, kuma tsatsa a jikin abinci ta ɓata dukkan manufar aikin.

Ga lissafin da na dogara da shi wajen zaɓen girman. Ɗanyen tumatir kusan kashi 94 cikin 100 ruwa ne. Idan na zuba kilo 10, ainihin naman da ke ciki kilo 0.6 ne kawai. Idan ina son danshi ya sauka zuwa kashi 12, abin da zai rage bai wuce kilo 0.7 ba, ma'ana sai na fitar da ruwa kimanin kilo 9.3. Kowane kilo na ruwa yana buƙatar kusan megajul 2.4 kafin ya zama tururi, jimilla wajen megajul 22. A yankinmu kowace murabba'in mita tana samun hasken rana da ya kai wajen megajul 20 a wuni. Idan matattara mai murabba'in mita 2 ta iya miƙa ko da kashi 30 cikin 100 na wannan ga aikin busarwa, za a samu megajul 12 a rana, wato aikin kwana biyu a takarda. A fili ina sa ran kwana uku, saboda ruwan ƙarshe ya fi wuyar fita daga naman tumatir. Zafin da nake nema a cikin akwatin shi ne digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Salshiyos. Idan ya wuce haka saman yankan zai ƙandare ya kulle ruwa a ciki, launin kuma ya ƙone.

Wajen gwaji, zan fara da na'urar babu komai a cikinta, in auna zafi a mashigar iska, da kan kwano, da kowane tire, da bakin bututu, kowace sa'a daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma. Daga nan sai gwaji da kaya, zubi uku. A kowane zubi zan raba tumatir iri ɗaya, daga kwando ɗaya, yanka ɗaya, gida biyu: rabi a na'ura, rabi a kan buhu a ƙasa yadda ake yi a gona. Zan riƙa auna nauyi duk bayan sa'a biyu, a ƙarshe in tabbatar da danshi ta hanyar gasa samfuri a murhun ɗakin gwaje-gwaje. Zan kuma jiƙa kauɗar kowane ɓangare in tace in auna yashin da ya fita, domin shi ne ƙorafin masu girki na farko.

Akwai wani gwaji da nake roƙon Malam ya bar ni in saka, ko da ba a saba ganinsa a aikin injiniya ba. Ina son in kai samfuran biyu wurin masu sayar da kauɗa a kasuwa, ba tare da na faɗa musu wanne ne wanne ba, in ce su yi wa kowane kwano farashi. Idan ba su bambanta kuɗin ba, na'urar ba ta da hujjar da manomi zai kashe mata ko sisi, kuma haka zan rubuta. Idan sun bambanta, daga ratar zan lissafa zubi nawa za a yi kafin ta mayar da kuɗinta.

Matsaloli biyu nake hange. Hazon hunturu yana rage hasken rana, ƙura kuma tana kwanciya a kan leda, don haka zan riƙa goge ta kowace safiya, in rubuta yanayin sama na kowane wuni. A gefe guda, iskar wannan lokaci busasshiya ce ƙwarai, tana taimakon shanya. Ta biyu ta fi damuna: kilo 10 kaɗan ne a gaban manomin da ke tsinkar kwanduna da yawa a rana ɗaya. Ba na iƙirarin wannan na'ura za ta kwashe rarar Kadawa. Wadda na fi hangowa ita ce matar aure mai ƙaramar sana'a, da za ta sayi tumatir lokacin araha, ta busar da tsabta, ta adana zuwa damina. Bayan tumatir ya wuce, tattasai, attaruhu, kuɓewa da ganyen zogale duk za su shiga cikinta. A babin ƙarshe zan nuna yadda za a faɗaɗa ta idan sakamakon ya ba da dama.

Na zagaya na tambayi farashi a makon jiya. Katako ₦38,000, falange ₦24,000, kwanon rufi ₦9,000, leda ₦12,000, raga ₦8,000, fenti da ƙusoshi da maƙalan ƙofa ₦9,000, ladan kafinta ₦15,000. Na'urar ta tsaya a ₦115,000. Tumatir na gwaji da sufuri za su ci wajen ₦25,000, jimilla ₦140,000. Ni da yayana za mu ɗauki nauyin wannan, ba kuɗi nake nema daga sashe ba. Zan kuma gwada maye gurbin falangen da kwano da ɓuntu a bango ɗaya, in ga ko za a iya sauko da kuɗin ƙasa da ₦100,000.

Idan Malam ya amince, zan kammala zane da bitar ayyukan baya a cikin Disamba, in ƙera a makonni biyun farko na Janairu, in yi gwaji daga ƙarshen Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu, Maris kuma in zauna rubutu. Wannan ne dalilin da ya sa na matsu. Idan kakar tumatir ta wuce, farashi zai tashi, yanayin iska zai sauya, gwajin kuma ba zai ƙara nuna halin da manomi ke shanya a ciki ba.

Abin da nake roƙo uku ne: sa hannun Malam a kan batun kafin ƙarshen wannan wata, takarda zuwa ga mai kula da ɗakin gwaje-gwaje don a ba ni aron ma'aunin zafi, sikeli da ma'aunin gudun iska tare da izinin amfani da murhu, sai kuma ɗan fili a bayan wurin ƙere-ƙere inda inuwa ba ta kaiwa. Na haɗa zanen farko da wannan takarda. Duk gyaran da Malam ya gani, a girman na'urar ko a tsarin gwajin, a shirye nake in karɓa, kuma zan iya zuwa ofis duk ranar da Malam ya sa mini.

Allah ya saka wa Malam da alheri, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Ɗalibinka,
Aminu
Aji biyar, Injiniyan Noma