Sanarwa Ga Iyayen Yara Kan Rigakafin Shan Inna

Assalamu alaikum masu saurare, iyayenmu mata da maza, barkanmu da war haka.

Sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya aiko mana da takarda cewa daga Asabar ɗin nan har zuwa Talata, ma'aikatan rigakafin shan inna za su zaga gida gida, tun daga ƙarfe 8 na safe har zuwa azahar. Takardar ta ce wajibi ne kowane magidanci ya ba da haɗin kai, mu kuwa roƙonku muke yi, domin mun san babu uwar da za ta so ta ga ɗanta yana jan ƙafa.

Duk yaron da bai kai shekara 5 ba, har jaririn da aka haifa jiya, za a ɗiga masa ɗigo 2 a baki, sannan a shafa masa alama a farcen ƙaramin yatsansa na hagu don a gane an ba shi. Babu allura, kuma kyauta ne. Ko da yaro ya karɓa a zagayen baya, a bari ya sake karɓa, saboda maimaitawar ce take ƙara masa kariya, cutar kuwa idan ta shanye ƙafa ba ta da magani.

Malam mai gida, idan za ka fita gona ko kasuwa da sassafe, don Allah ka bar izini a gida. Wanda masu zagaye ba su same shi ba, a kai shi asibitin sha ka tafi mafi kusa, ko ƙofar gidan mai unguwa.

Allah ya raya mana zuri'a.