Barka da Ranar 'Yancin Kai, 'Yan'uwanmu Na Nesa

Assalamu alaikum 'yan'uwa, yayye da ƙanne, iyaye da 'ya'ya, duk wani ɗan Najeriya da wannan safiya ta 1 ga Oktoba ta riske shi a wata ƙasa, ina gaishe ku daga nan Kano, barkanmu da shekara 65 da samun 'yancin kai. Na san wasunku tuni rana ta yi musu nisa, mutanen Guangzhou da Kuala Lumpur kun riga mu da awa 7, na Makka da Madina da Jidda kun riga mu da awa 2, su kuwa na New York yanzu haka ma ko asuba ba su yi ba, to duk lokacin da saƙon nan ya iso ku dai barka da yau, ya aiki ya karatu ya iyali, ya kewar gida.

Jiya da daddare ina zaune a tsakar gida ina ƙulla kaya, wata baiwar Allah za ta koma wajen mijinta ta ce in haɗa mata kayan miya, sana'ata ke nan shekara da shekaru, kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji da garin kunun tsamiya, ita daddawar sai na naɗe ta leda uku na sa a roba na bi da salatif saboda kar ta cika wa mutane jirgi, ina cikin haka 'yar autata ta fito da ƙaramar tutar da aka ba su a makaranta tana ta kaɗawa tana cewa Umma gobe ba makaranta, sai kawai na ji kun faɗo min a rai gaba ɗayanku. Don ni ta hanyar ƙullin kayan nan na san ku. Na san wanda ba ya iya wata guda bai sha miyar kuka ba, na san ɗalibar da ta ce in sa mata ƙanzo ko kaɗan ne, akwai wani dattijo da kullum saƙonsa ɗaya ne, man shanu na gaske wanda in an soya maƙwabta za su ji. Mutumin da yake aiko a kawo masa ƙanzo daga nisan dubban mil ai bai bar gida ba, jikinsa ne kawai ya yi tafiya.

Akwai abin da nake so in tuna muku yau wanda ni kaina sai da na girma na sani. Tutar nan tamu kore fari kore, wanda ya zana ta ɗan'uwanku ne, ɗalibi ne mai zaman ƙasar waje kamar ku. Michael Taiwo Akinkunmi, mutumin Ibadan, yana karatu a Landan ya ga sanarwa a jarida ana neman wanda zai zana wa sabuwar ƙasa tuta, ya zauna ya zana ya aiko, a 1959 aka zaɓi tasa, aka ba shi kyautar fam 100. Asalin zanen ma har da jar rana a tsakiyar farin, masu tantancewa suka cire ta suka bar mana koren noma da farin zaman lafiya. Yaro ɗan shekara ashirin da 'yan kai, a garin sanyi, nesa da uwa da uba, da aka ce ya kwatanta ƙasarsa sai koren gona ya fara zo masa. Duk lokacin da na tuna wannan sai jikina ya yi sanyi wallahi, don na san me yake ji a lokacin, irin abin da ƙanina yake ji ne in ya kira ni bidiyo ya ce Yaya juya min kyamarar in ga bishiyar dalbejiyar ƙofar gida. Ya rasu a 2023 yana dattijo, amma tutar tana nan, ita ce aka ɗaga a Legas da tsakar daren da ya wayi gari 1 ga Oktoba 1960, a filin sukuwar da yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa. Shi kansa Sir Abubakar ɗin, Allah ya ji ƙansa, malamin makaranta ne da ya taɓa zaman karatu a Landan kafin ya dawo. Kun ga ashe tun ranar farko da hannun na waje a cikin ginin gidan nan.

To bari in ba ku labarin gida tunda shi kuka fi so. Damina ta zo gangara, ruwan ya fara ja baya, da rana akwai zafin nan na kaka mai sa gumi amma da asuba garin da daɗi. An fara yankan gero, sabuwar gyaɗa ta shigo, dafaffiya a faranti a kan yara, ga masara ana gasawa a bakin titi kana wucewa ƙamshin yana binka, dawa ta yi kai tana jiran lokacinta. In ka fita bayan gari ta hanyar Dawanau ko ka nufi Kura ko'ina kore shar, irin koren tutar sak. Kasuwar Kurmi tana nan, Kwari tana nan cike maƙil, marinar Ƙofar Mata ana ta tsoma shuni, Dutsen Dala yana inda kuka bar shi. Masu shayi sun kafa tebur, masu ƙosai sun hura wuta tun duhu, yau hutu ne don haka samari sun riga sun kafa gola da duwatsu a lungu. Ba abin da ya gudu, komai yana jiranku.

Kuma muna alfahari da ku, wannan ba daɗin baki ba ne. Likitocinmu da nas-nas da suke kwana a tsaye a asibitocin Ingila da Saudiyya, ɗalibanmu na Azhar a Alƙahira da na Jami'ar Musulunci ta Madina, masu karatun injiniya a Malesiya da Indiya da Turkiyya, 'yan kasuwar da suke loda kwantena a Chana da Dubai, direbobi, teloli, masu gadi, masu aski, mata masu tuwon sayarwa da suka riƙe gida da ludayi, 'yan'uwanmu na Nima da Sabon Zango a Akara da zangon Kumasi, da na unguwar Birkitari a Yawunde, da waɗanda ke Yamai da Njamena nan kusa da mu. Ba na bambanta mai digiri uku da mai tura baro, duk wanda ya fita ya nemi halak ya riƙe amana har wani baƙo ya ce kai mutanen Najeriya akwai ƙoƙari, to ya ɗaga tutar nan fiye da wanda ya rataya ta a mota. Mu nan mun san me ake ciki, mun san sau nawa alat yake shigowa wayar tsohuwa a ƙarshen wata, kuɗin makarantar ƙanne, kuɗin magani, buhun shinkafar azumi, ragon layya, rufin ɗakin da ya yi yoyo. Mun kuma san ba daga bishiya kuke tsinko su ba, wani sai ya yi aikin dare ya haɗa da na rana, ya hana kansa abubuwa da yawa, ya kira gida yana dariya kamar ba komai. Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a nemanku.

A bana ma 'yan matanmu sun fitar da mu kunya, kuna gani ai. Super Falcons a Maroko cikin watan Yuli, an ci su 2 ba ko ɗaya kafin hutun rabin lokaci suka dawo suka ci 3 da 2 suka ɗauko kofin Afirka karo na 10, unguwarmu har mata sai da suka yi guɗa, bayan 'yan kwanaki kuma D'Tigress suka ɗauki na ƙwallon kwando a Abijan karo na 5 a jere. Da yawa cikin yaran nan a waje suke wasa, wasu ma a waje aka haife su, amma da aka kira sai suka sa koriyar riga suka zo. Manyanmu kuma har yau ba su gama ba da labarin Atlanta 1996 ba, yadda Kanu ya yi wa Brazil, yadda aka doke Ajantina aka ɗauko zinare, babanmu Allah ya gafarta masa ya ce daren nan ba wanda ya tambayi wani kai ɗan wace jiha ne, kowa rungumar kowa yake. Na san ku a can kun fi mu sanin wannan daɗin, don a ƙasar mutane in ka ji wani ya yi Yarbanci ko Ibo ko Fulatanci ko Barbarci ko ɗan turancin buroka a cikin jirgin ƙasa sai ka ji kamar ɗan ɗakinku ka gani, ka juya ka ce ɗan'uwa daga ina, shi ke nan an zama dangi.

Roƙona guda ɗaya ne, kuma ina yinsa da zuciya ɗaya, yaran nan da kuke haifa a can ku yi musu yaren gida. Ko sun amsa muku da Turanci ko Larabci ko Faransanci ku dai ci gaba da yi musu, kunne yana ajiya. Bara ƙanina ya zo da 'yarsa mai shekara 5, farkon zuwanta ke nan, ta shigo tana ɓuya a bayan ƙafarsa, Hajiyarmu ta miƙa hannu ta ce zo nan kishiyata, sai yarinyar nan ta durƙusa ta ce ina wuni Hajiya, da wata irin Hausa mai karkacewa, wallahi tsohuwar nan kuka ta fashe da shi, ta ɗora ta a cinya ta ƙi sauke ta har magariba. Kalma uku ce fa kawai. Ku koya musu gaisuwa, ku yi musu tatsuniyar gizo da ƙoƙi, ku gaya musu sunan garin kakansu da sunan unguwa, ku nuna musu Kogin Kwara da Binuwai a taswira inda suka haɗu a Lakwaja, ku ce musu akwai Yankari akwai Dutsen Zuma akwai Argungu akwai hawan Sallah, kuma duk nasu ne.

Yau in an tashi aiki, tunda na san yawancinku ba a ba ku hutu ba, a ɗan ɗora tukunya, dafa-duka ce ko tuwo ko ɗan wake, a sa kaftani ko atamfa ko da a cikin falo ne, a kira maƙwabci a zuba masa ya ɗanɗana. A kira gida kuma, kar a tsaya a saƙon rubutu, tsofaffi muryar suke so. Waɗanda suka daɗe ba su zo ba saboda takardu ko kuɗin jirgi ko wani dalili da su kaɗai suka sani, ba mu yi fushi ba, muna sa ku a addu'a, Allah ya buɗa hanya. Waɗanda aka yi musu rasuwa suna nesa ba su samu jana'iza ba, Allah ya ba ku haƙuri, mun tsaya muku. Musulminmu da Kiristanmu, na kudu da na arewa, Allah ya tsare ku a inda kuke, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya dawo mana da ku muna raye kuna raye.

Bari in tashi haka, mai tafiyar nan jirginta na yamma ne kuma har yanzu ban daka mata yajin ba. A gaida yara, a shafa min kansu.

'Yar'uwarku daga Kano
1 ga Oktoba, 2025